Gara a Firam da Azara: Tare Hanyarta Kafin Ka Nemi Magani

Yawancin masu gida a ƙasar Bagwai ba sa sanin gara ta shigo musu sai ranar da ƙyaure ya ƙi rufuwa, ko ranar da aka wayi gari aka ga ƙasa ta zubo daga rufi a kan shimfiɗa. Daga nan sai a aika yaro wajen bakanike ya karɓo baƙin mai, a shafa wa katakon, a ɗauka an gama. Bayan damina ɗaya ɓarna ta dawo a wuri guda ko a ɗakin da ke kusa. Dalilin wannan faɗi-tashi shi ne ana yi wa katako magani alhali ciwon ba a cikinsa yake ba. Garar da ke cin gidajenmu a ƙarƙashin ƙasa take zaune, katako kuwa gonarta ce da take zuwa ta ɗebo abinci ta koma. Wanda ya fahimci haka zai mai da hankalinsa kan hanyar da take bi tsakanin ƙasa da katako, domin in an tare wannan hanya an yi maganin firam da rafta da azara baki ɗaya, in kuwa an bar ta a buɗe to duk abin da aka shafa jinkiri ne kawai.

Halittar garar ita ce hujjar farko. Ma'aikatan da ke fita neman abinci makafi ne, jikinsu laushi ne da shi, kuma iskar waje tana busar da su cikin ɗan lokaci. Shi ya sa ba za ka ga gara tana yawo a fili kamar tururuwa ba. Duk inda za ta bi sai ta gina rufaffiyar hanya da jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta riƙe laima a ciki, ta kuma kare kanta daga tururuwa da kaji. Nau'o'in da suka fi yawa a wannan yanki suna kai abin da suka ɗebo can cikin gidansu, su tara shi, wani irin naman ƙasa ya tsiro a kai ya narkar da shi, sannan su ci. Can ne uwar gara take, tana zuba dubban ƙwai a kowace rana. Wasu nau'in suna gina suri babba da kowa ke gani a gona, wasu kuwa ba sa tayar da komai a sama, gidajensu ƙananan ramuka ne a warwatse a cikin ƙasa, kuma su ne sukan zauna a ƙarƙashin daɓen ɗaki shekara da shekaru ba a sani ba. Abu uku ke nan gara take bukata kafin ta yi ɓarna: ƙasar da za ta fito daga ciki, laima, da hanyar da ido ba ya gani.

Irin zaman da ake yi a karkarar arewacin Kano yana ba ta ukun nan cikin sauƙi. Gona tana manne da katangar gida, ba a barin ƙasa ta huta, kuma duk abin da gona ta bayar gida ake kawo shi. Bayan kaka za ka ga karan dawa da na gero an jingine su a jikin bango, harawa da itacen girki an jibge a lungu, taki yana taruwa kusa da turken dabbobi har zuwa bazara kafin a kwashe shi zuwa gona. Ƙarƙashin kowane tarin nan akwai inuwa da laima da abinci, wato an gayyato gara har gindin gini. A garuruwan da ke kusa da madatsar ruwa ta Watari da magudanan noman rani ƙasa ba ta bushewa ƙayau kamar ta tudu, don haka aikin gara ba ya tsayawa da ɗaukewar ruwan sama. Ko a gidan da ke kan tudu, makwararar banɗaki da ke bin gindin bango, da wurin da ake ajiye randa, da inda indararo ke zubar da ruwa, sun isa su riƙe mata laimar da take so.

Alamar da ta fi kowace bayyana ita ce hanyar ƙasa a jikin bango ko katako, siririya kamar kaurin fensir, wani lokaci kuma shimfiɗaɗɗiya kamar an yi wa wurin yaɓe. Ganinta kaɗai bai nuna ko garar tana nan ko ta tashi ba. Ka fasa kamar tsawon yatsa daga tsakiyar hanyar, ka bar sauran. In ka ga fararen ƙwari suna kai da kawowa, ko ka dawo bayan kwana ɗaya ko biyu ka tarar an liƙe wurin da sabuwar ƙasa mai duhu, to aiki ake yi. Kada ka share hanyar gaba ɗaya kafin ka bi ta har inda ta fito daga ƙasa, domin ita ce za ta nuna maka ƙofar shigowa. Alama ta biyu sauti ne. Gara tana cin cikin katako ta bar fatar waje, har fenti yakan zauna lafiya lau a kan firam ɗin da cikinsa ya ƙare. Ka ɗauki sukundireba ka riƙa ƙwanƙwasa firam daga sama zuwa ƙasa. Lafiyayyen katako yana ba da sauti mai ƙarfi, wanda aka cinye kuwa yana amsawa kamar busasshiyar ƙwarya, in ka danna bakin sukundireban sai ya nutse, ka tarar da ƙasa cunkushe a ciki. Alama ta uku fukafukan shinge ne. In ruwan farko ya sauka, shinge yakan fito da dare ya taru a fitila, wannan ba abin damuwa ba ne in daga waje ya zo. Amma in ka ga yana ɓullowa daga tsagar daɓe ko gindin bango a cikin ɗaki, to gidan gara yana ƙarƙashinka.

Ya kamata a rarrabe gara da ƙwaron katako, domin maganinsu ba ɗaya ba ne. In ka ga gari mai laushi kamar fulawa yana zubowa daga ƙananan huji masu zagaye a jikin rafta ko gora, babu ƙasa ko kaɗan, wannan ƙwaro ne da ke rayuwa a cikin katakon, kuma shi kam shafa magani a jikin itacen ne maganinsa. Akwai kuma wata gara da ta fi yawa a kudancin ƙasar nan, wadda ke zama a cikin busasshen katako ba ta bukatar ƙasa, tana iya zuwa a cikin katakon da aka yi lodinsa daga can. Alamarta ƙananan ƙwayoyi ne masu tauri kamar yashi da take turowa waje. Abin da ke raba tsakani ƙasa ce. Duk inda ka ga ƙasa a ciki ko a jikin katako, daga ƙarƙashin gidanka ɓarnar ta taso.

Firam ɗin ƙofa ne ke fara tafiya a yawancin gidaje, kuma laifin na yadda ake kafa shi ne. Magini yakan bar wa firam dogayen ƙafafu, ya binne su a ƙasa, sannan a zuba daɓe a kewaye don ya tsaya daram. Wannan ya haɗa katako da ƙasa kai tsaye, ta wajen da aka yanke shi, inda ya fi shan laima, kuma a wurin da ba wanda zai sake gani. Gara ba ta ma bukatar gina hanya, daga ƙasa sai cikin katako, ta bi bayan firam ta haye har kan bango, daga nan ta kama katakon da ke kwance a saman bango, sannan rafta da silin. Sau da yawa ɓarnar da aka gani a rufi ta ƙofa ta shigo. Gyaran shi ne ƙafar firam ta ƙare a saman daɓe. A ɗora ta a kan ɗan dandamalin kankare da ya ɗara daɓe, a soka guntun rodi rabinsa a cikin kankare rabinsa a cikin ƙafar don ya riƙe ta, a kuma kama firam ɗin da bango ta gefe da ƙarafa ko dogayen ƙusoshi. A waje kuwa, a tabbata akwai tazarar aƙalla santimita 15, wato inci 6, tsakanin ƙasar tsakar gida da kowane katako. Wannan tazara ba ta hana gara hawa, amma tana tilasta mata ta gina hanyarta a fili inda mai shara zai gani da safe.

Rufi yana da nasa hukunci, musamman rufin soro. Magabata sun zaɓi azarar giginya don sun san gara ba ta son ta, kuma sun fi son namijin giginya da ya manyanta. Sai dai ƙarfin giginya a ɓangaren waje yake, wajen baƙin zare mai tauri, cikinta kuwa fari ne mai laushi. Azarar da aka tsaga daga matashiyar bishiya, ko aka bar mata farin ciki da yawa, gara tana cin ta. A sauran itatuwa abin juye yake, farin gefen da ke bin ɓawo shi ne abincin gara, jan tsakiya shi ne mai juriya. Ko madaci ko ƙirya aka ce maka, in rabin falankin fari ne to rabinsa na gara ne. Yanzu da giginya ta yi wuya, mutane sun koma darbejiya da turare da farin katako mai araha irin wanda ake saya a 'Yan Katako na Na'ibawa, kuma farin katakon nan ba ya jure gara sai da magani. Wurin da azara ko rafta ke fara lalacewa shi ne kanta da ya shiga bango, domin can ne take haɗuwa da ƙasa da laima, kuma can ne nauyin rufi yake sauka. Don haka duba tsakiyar ɗaki bai wadatar ba. A hau tsani a soka sukundireba a kan kowace azara daidai inda ta shiga bango. In ya nutse da sauƙi, ko azarar ta lotsa, ko ƙasa tana zubowa daga tsakanin zana da azara, a fitar da mutane daga ɗakin, a tokare rufin da ginshiƙi a kan falanki mai faɗi, sannan a yi maganar canji. Rufin ƙasa yana ƙara nauyi sosai in ya sha ruwan Agusta, kuma ba ya yin sallama kafin ya faɗo.

A ɗauki misalin ɗakin bulo mai rufin kwano, ƙafa 10 a ƙafa 12, wanda ƙyaurensa ya fara jan ƙasa, aka ƙwanƙwasa firam aka ji fanko daga ƙasa har kusan gwiwa, aka kuma ga hanyar ƙasa a kusurwar silin. Aikin farko bin sawu ne. A ɗaga silin ɗaya a haska tocila, a ga iya inda ɓarna ta kai a katakon saman bango da rafta, a yi wa waɗanda suka ɓaci alama da gawayi. Aiki na biyu, a kwashe duk abin da ke jingine da bangon ta waje, kara ne ko itace ko taki, a mai da shi nesa da gini a ɗora a kan duwatsu, a kuma karkatar da makwararar ruwa. Na uku, a cire firam ɗin, a tono ragowar ƙafafunsa da suka rage a ƙasa, domin barin su barin abinci ne a bakin ƙofa. Na huɗu shi ne maganin ƙasa. A haƙa ɗan rami a manne da bango ta waje, faɗin santimita 15, zurfin santimita 30, ya kewaye ɗakin. Kewayen irin wannan ɗaki ta waje kusan mita 14 ne, kuma ƙa'idar da masu wannan aiki ke bi ita ce lita 5 na ruwan magani da aka riga aka sirka ga kowace mita ɗaya. Lita 70 ke nan, jarka uku da rabi mai cin lita 20. A zuba rabi a gindin ramin, a riƙa mai da ƙasa ana jiƙa ta da sauran. A ramukan da aka cire ƙafafun firam ma a zuba har ƙasar ta jiƙe, in daɓe ya tsage a gindin bango ta ciki a huda shi duk bayan santimita 30 a ɗura, sannan a toshe da siminti. Sai bayan wannan ne za a kafa sabon firam a kan dandamalinsa, a canja katakon rufin da aka yi wa alama.

Maganin da ya dace da wannan aiki shi ne mai ɗauke da sinadarin fifronil ko imidakulofirid, wanda aka yi wa rajista da hukumar NAFDAC, a kuma sirka shi daidai yadda takardar jikin kwalba ta ce na gara. Amfanin waɗannan biyun shi ne gara ba ta jin su balle ta kauce, takan ratsa ƙasar da aka jiƙa ta kwashi maganin a jikinta ta kai wa 'yan'uwanta. Ƙara ƙarfin haɗi ba ya ƙara aiki, abin da ke sa magani ya gaza shi ne ƙarancin ruwan da aka zuba da kuma gibin da aka bari, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kada a yi aikin ranar da hadari ya haɗu, kada a yi shi kusa da rijiya, a sa safar hannu da takunkumi, a killace yara da kaji da awaki har ƙasar ta bushe. Fifronil yana kashe kifi da zuma, saboda haka ba a wanke jarka ko injin feshi a magudanar noman rani ko a bakin dam, kuma jarkar da aka sirka magani a ciki ta bar ɗibar ruwan sha har abada.

Sabon katakon ma yana bukatar nasa shiri, kuma a nan kafintoci da yawa suke gaggawa. Ɗanyen katako ba ya shan magani, don haka a jera shi a inuwa a kan bulo, da tazara tsakanin falanki da falanki, ya bushe tukuna. A gama yanka da fiƙe da huda kafin a shafa maganin katako irin su solignam, a yi shafi biyu ko uku ana barin kowanne ya shiga. Kawunan da aka yanke su ne suka fi shan magani kuma su ne ke shiga bango, don haka a tsoma su a bokitin magani su kwana. Duk wurin da zarto ya sake taɓawa bayan an hau rufi a sake shafa masa. Bayan firam, wanda zai manne da bango ba a sake ganinsa, ya fi gabansa bukatar magani.

Mai karatu zai iya cewa baƙin mai ya daɗe yana yi wa mutane aiki, kuma kusan kyauta ake samunsa. Gaskiya ne yana rage shan laima, gara kuma takan guji inda yake da yawa na ɗan lokaci. Amma a fatar katako yake tsayawa, ba ya kai wa ciki, kuma gara tana iya shimfiɗa ƙasarta a kansa ta wuce zuwa inda bai taɓa ba. Ga wari a ɗakin kwana, ga ƙara wa rufi saurin kama wuta. Fiya-fiya kuwa tana kashe wadda ta taɓa nan take, amma iska tana kwashe ta cikin kwanaki, sauran dubban da ke ƙasa su ci gaba da aikinsu, mutanen ɗaki kuma su shaƙi guba a banza. Dattawa za su tuna gamalin da yadda yake daɗewa. Daɗewar nan tasa a ƙasa da ruwa da jikin mutum ce ta sa aka saka sinadarinsa cikin abubuwan da yarjejeniyar Stockholm ta hana a 2009, don haka duk wanda ya kawo maka shi yau bai kawo maka alheri ba.

Wani zai ce a tone suri a fito da uwar gara, magana ta ƙare. In surin yana cikin gida ko yana manne da katanga, tone shi ya dace. Sai dai ba lallai ne surin da kake gani ya zama shi ke cin ɗakinka ba, tunda masu ɓoyayyen gida ba sa nuna alama, kuma kowace damina sabon shinge yana sauka ya kafa sabon gida. Ba a kuma so a ƙarar da gara daga gonaki, domin ramukanta suna taimaka wa ruwa ya shiga ƙasa, ita ce kuma ke narkar da kara da ganye su koma taki. Wani kuma zai ce a sa ƙofar ƙarfe a huta. Ƙofar za ta tsira, amma in hanyar tana nan gara za ta bi ramukan bulo ko bayan fulasta ta kai rufi, an kuma rasa alamar farko da firam ɗin katako yake bayarwa. Mai ginin ƙasa kuwa zai ce shi bangonsa gaba ɗaya ƙasa ne, ina zai raba ƙasa da katako? Nasa ya fi wuya, amma dabarar ba ta canja ba. Busasshen bango ba ya yi wa gara daɗin hawa kamar jiƙaƙƙe. A yi yaɓe kafin damina, a buɗe indararo a tsawaita shi ya zubar nesa da gindin bango, a tayar da gindin da daɓe mai gangara waje, a shafe kan azara da magani ko kwalta kafin a ɗora ta, sabon gini kuma a fara shi da harsashin dutse da siminti ya ɗago sama da ƙasa.

Maganin ƙasa yana yin shekaru, amma ba ya dawwama, kuma duk haƙa ko sabon gini a jikin bango yana karya shi. Abin da ke dawwama shi ne dubawa. Sau biyu a shekara, kafin ruwan farko da kuma bayan an gama shigo da amfanin gona, maigida ya ɗauki tocila da sukundireba ya zagaya gindin kowane bango ciki da waje, ya ja gado da akwatuna ya leƙa bayansu, ya ƙwanƙwasa kowane firam, ya soki kan kowace azara. Aikin bai wuce awa ɗaya ba. Mai shirin gini kuma ya tsaya a kan maginin da kafintan ranar kafa ƙofa da ranar ɗora rufi, ya ce musu kada katako ko ɗaya ya taɓa ƙasa, kada kuma a binne guntun katako ko kututture a ƙarƙashin daɓe. Malam maigida, kafin hadarin bana ya haɗu, fara da janye karan da ke jingine da bangon ɗakin iyalinka, sannan ka ƙwanƙwasa ƙofar ka ji abin da za ta ce.